Rijiya a Kwari, Tanki a Tudu: Yadda Wata Makaranta a Jos Ta Zaɓi Hanyar Samun Ruwa

Makarantar da matsalarta

Makarantar ta haddar Alƙur'ani ce haɗe da boko, tana kan wani tudu a arewacin garin Jos. Ɗalibanta 300 ne, 80 daga cikinsu 'yan kwana. Rijiya ɗaya gare ta a tsakar gida, wadda aka haƙa tun lokacin gini. Daga watan Mayu zuwa Disamba rijiyar tana wadatar da kowa. Da Janairu ya kama sai ruwa ya fara ja da baya, kafin Maris guga ya riƙa dawowa da rabin laka.

Duk wanda ya zauna a Jos ya san dalili. Garin a kan dutse yake, kimanin mita 1,200 sama da teku. Ruwan sama ba ya ƙaranci daga Afrilu zuwa Oktoba, amma dutsen ƙasan ba ya riƙe ruwa a jikinsa. Wuri biyu ruwan ƙasa yake taruwa: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, da cikin tsagogin da ke can ƙasa. Inda ruɓaɓɓen ya yi kauri, rijiya takan kai damina. Inda ya yi siriri, kamar kan tudu, sai ta ƙafe. Shi ya sa za ka ga gida biyu a layi ɗaya, wannan da ruwa, wancan babu.

Da rani, 'yan ga-ruwa ne ke cike giɓin. Tun da asuba kurarsu ke jeruwa a ƙofar kicin.

2021 zuwa 2023: abin da aka gwada

A ranin 2021 aka kira masu haƙar rijiya su ƙara mata zurfi. Sun ƙara kamar mita biyu, a mita tara suka tarar da pa. Suka hura wuta a kai, suka sa gizago, dutse bai motsa ba. Aka sallame su.

A 2022 wani Alhaji daga cikin iyayen yara ya ɗauki nauyin rijiyar burtsatse. Mai injin ya zo da takarda shafi biyu wadda ya sa wa suna rahoto. Abin da ke ciki shi ne farashin kowace mita, da jerin wuraren da ya taɓa yin aiki. Ba a auna ƙasa ba. An zaɓi kusa da ƙofa ne saboda nan motar injin za ta iya tsayawa. Aka haƙa mita 60, ƙura fara ce ke tashi kusan har ƙarshe, sai ɗan danshi. Duk da haka aka sa injin tura ruwa, wanda masu aikin ke cewa sumo. In an kunna, minti ashirin yake yi ruwa ya ɗauke. A wata na uku injin ya ƙone, don yana juyawa babu ruwa.

Bayan an cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin tankar ruwa ya tashi, masu sayar wa 'yan ga-ruwa da ke jawo ruwa da janareta su ma suka ƙara. A taron iyaye na watan Oktoba aka tara gudummawa, da alkawarin Alhaji na biyu, kuɗi suka kai naira miliyan 6. Mafi yawan mahalarta sun so a kira wani mai injin. Shugaban makarantar ya ce: "Alhaji, kuɗin nan amana ne. Kafin a taɓa ko sisi, a rubuto mana hanyoyin da muke da su duka, a auna su, mu gani a takarda." Aka kafa kwamitin mutum biyar: ma'ajin makaranta, Hajiya mai kula da 'yan kwana, wani uba da ke aikin injiniya, wakilin malamai, da wakilin Alhaji.

Oktoba 2023: nawa ake buƙata?

Abin da kwamitin ya fara tarar da shi shi ne ba wanda ya san yawan ruwan da makarantar ke sha. Kowa "da yawa" yake cewa. Hajiya ce ta fito da littafin da take rubuta kurar da ta karɓa kowace safiya a ranin da ya wuce, don ta riƙa yi wa ma'aji lissafi. Kura ɗaya jarka goma ce mai lita 25, wato lita 250. A watan Maris kura 22 take karɓa a rana, lita 5,500 ke nan, rijiya kuma tana ba da kamar lita 1,500.

Injiniyan ya bi ta wata hanyar don ya gwada wannan adadi. Ya ba kowane ɗan kwana lita 50 na wanka, wanki, sha da alwala, ya zama 4,000. Ya ba 'yan jeka-ka-dawo 220 lita 10 kowanne, ya zama 2,200. Kicin da malamai 800. Jimla 7,000, daidai da abin da littafin Hajiya da rijiya suka nuna in an haɗa. Tunda lissafi biyu da ba su san juna ba sun haɗu, aka rubuta a shafin farko: makaranta tana neman lita 5,500 a rana, na tsawon kwana kamar 100 na karatu tsakanin Janairu da Afrilu.

Wannan jimla ta canza tambayar. Da ana cewa "a ina za mu haƙa?", yanzu aka koma "ta ina lita 5,500 za ta fito a watan Maris?"

Nuwamba, mako na farko: sharuɗɗa kafin zaɓi

Kwamitin ya ƙi fara maganar hanyoyi sai da ya gama maganar ma'auni, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Hikimar a fili take. Idan mutum ya riga ya ƙulla abin da yake so a ransa, zai riƙa ƙara wa ma'aunin da ya dace da zaɓinsa nauyi, ko da bai yi niyyar son kai ba.

Sun raba ma'aunan gida biyu. Gida na farko sharuɗɗa ne uku da ba a ciniki a kansu: hanyar ta iya kawo lita 5,500 a Maris, ruwan ya zama na sha ko wanda za a iya gyarawa ya shawu, kuma kuɗin farawa kada ya wuce miliyan 6. Hanyar da ta faɗi ko ɗaya a nan ta fita, komai kyanta a wani fanni. Gida na biyu su ne ma'aunan da ake ba maki, aka raba musu nauyi 100. Tabbacin ruwa da rani ya ɗauki 35. Jimlar kuɗi na shekara biyar, har da gyara, 25. Sauƙin gyara da samun kayan gyara a Jos 15. Ikon makaranta a kan abin, wato kada wani ya wayi gari ya hana, 15. Saurin kammalawa 10.

A kan na huɗun aka fi ja. Wakilin Alhaji ya so a ba shi 25, yana cewa abin da ba a cikin katangarka yake ba, aro ne. Hajiya ta ce: "Ranka ya daɗe, rijiyar da ke bakin ƙofa a cikin katangarmu take, me ta ba mu?" Aka tsaya a 15, amma aka rubuta saɓanin a cikin rahoton, da alkawarin za a sake lissafi da 25 ɗin a ga ko sakamako zai canza.

Kowane ma'auni an rubuta ma'anar makinsa daga 1 zuwa 5 tun kafin a fara. A kuɗi, misali, ƙasa da miliyan 5 maki 5 ne, daga nan zuwa miliyan 7 da rabi maki 4, abin da ya haura miliyan 10 kuma maki 1. In ba a yi haka ba, maki 3 na ma'aji ba zai zama maki 3 na injiniya ba.

Nuwamba zuwa Disamba: hanyoyi biyar

Biyu sun faɗi tun a sharaɗi.

Ta farko tara ruwan sama ce, wadda malamai da yawa suka so, kuma a ido tana da kyau. Rufin azuzuwa da ɗakunan kwana murabba'in mita 600 ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Aka ɗauki milimita 1,300 a shekara, aka cire kashi 20 cikin ɗari na wanda ke zubewa da na wanke rufi, ya rage lita 624,000. Buƙatar rani kuwa 550,000 ce. Ruwan ya isa, inda za a ajiye shi ne babu. Ana buƙatar rami mai tsawon sama da mita 15, faɗin 12, zurfin 3, a zuba masa kankare, a cikin farfajiyar da dutse ke leƙowa. Ƙiyasin magini ya ninka miliyan shidan. Ga shi kuma ruwan zai kwanta tun Oktoba sai Janairu a fara sha.

Ta biyu jawo ruwan famfo ce daga babban bututun da ke kan titi, mita 400 daga makaranta. Ba a yi gardama da baki ba. Aka roƙi gidaje uku da ke kan layin su rubuta ranakun da ruwa ya zo. Gidan da ya fi kusa da tudun ya ce ko ranar da aka sako, da ƙyar yake hawowa. Ba a ga yadda za a jingina abincin yara 80 a kan haka ba.

Saura uku: a ci gaba da saye, a haƙa sabuwar burtsatse a cikin makaranta, ko a haƙa a wani fili na masallacin unguwa da ke kwari, mita 350 daga makaranta, a turo ruwan da bututu.

Saye ba ya buƙatar kuɗin farawa, amma lissafinsa ya girgiza ma'aji. Kura naira 1,000, kura 22, kwana 100: miliyan 2 da dubu 200 a kowane rani, miliyan 11 a shekara biyar, ko da farashi bai motsa ba.

Don sauran biyun aka biya masanin ruwan ƙasa ya yi awo. Turakun ƙarfe huɗu yake kafawa a jere, ya saki wuta ta na gefe biyu, ya karanta a na tsakiya, sannan ya riƙa ƙara tazarar na gefen don wutar ta ƙara nutsewa. Tsayayyen dutse yana tare wuta, ruɓaɓɓe mai danshi yana barin ta ta wuce. A wurare biyu cikin makaranta ya ga dutse tun daga mita bakwai zuwa tara, abin da masu haƙar rijiya suka riga suka gani da idonsu. A bayan kicin ya ga alamar tsaga wajen mita 45. A kwari kuwa ruɓaɓɓen dutsen ya haura mita 25. Ya yi gargaɗi, aka kuma sa shi a rahoton kamar yadda ya faɗa: yumɓu ma yana barin wuta ta wuce, kuma awon ba ya nuna lita nawa za a samu a awa. Inda ya fi dacewa a gwada kawai yake nunawa.

Maki, da abin da ya fito da aka jijjiga shi

Saye ya samu 3 a tabbaci, 1 a kuɗi, 5 a gyara, 2 a iko, 5 a sauri. Idan aka ninka kowanne da nauyinsa aka tara, 285 ne cikin 500. Burtsatsen cikin makaranta, mai kuɗin shekara biyar miliyan 5 da dubu 650, ta samu 2, 4, 3, 5 da 3, ta tashi 320. Ta kwari, mai miliyan 6 da dubu 700 saboda bututu, ta samu 4, 4, 3, 2 da 2, ta tashi 335.

Wakilin malamai ya so a rage wa ta cikin makaranta maki a kuɗi, tunda ana iya haƙawa a tashi a tutar babu. Injiniya ya hana. Wannan kasadar an riga an hukunta ta a ma'aunin tabbaci, inda ta samu 2. A sake cire mata a kuɗi, an ƙirga abu ɗaya sau biyu ke nan.

Ratar maki 15 cikin 500 ba rata ba ce da za a kashe miliyoyi a kanta. Sai aka cika alkawarin da aka yi wa wakilin Alhaji: aka ɗebe 10 daga tabbaci aka ƙara wa iko, kowanne ya zama 25. Sakamako ya kife. Ta cikin makaranta ta koma 350, ta kwari ta sauka 315. Kwamitin bai ɓoye wannan ba, shafi guda ya ba shi. Abin da ya nuna shi ne shawarar duka a kan tambaya ɗaya take rataye: waye ke da iko da rijiyar da za a haƙa a filin da ba na makaranta ba? Sai suka tambayi kansu, me zai ɗaga makin iko daga 2 zuwa 4? Rubutacciyar yarjejeniya. Da maki 4, ta kwari tana tashi 365 a lissafin farko, 365 a na biyu, ta wuce ta cikin makaranta a duka biyun.

Shawarar da haɗurran da aka rubuta

Shawarar, wadda aka miƙa a tsakiyar Disamba, sakin layi ɗaya ce. A haƙa a kwari, da sharaɗin an sa hannu a yarjejeniya tukuna. Idan kwamitin masallaci bai amince ba kafin ƙarshen Janairu, a koma bayan kicin. A saki kuɗi mataki-mataki, kuma kada a sayi injin tura ruwa ko farantan sola sai bayan gwajin rijiya. Ƙiyasin aikin miliyan 5 da dubu 200, da ajiyar kashi 15 cikin ɗari saboda tashin farashi.

Haɗari huɗu aka rubuta, kowanne da alamar da za a gane shi da abin da za a yi. Mafi girma shi ne ƙarancin ruwa. Makaranta na son lita 5,500 a rana, an ware wa unguwa 2,000, sola kuma awa shida ake iya dogaro da ita a rana, don haka ana neman lita 1,250 a awa. Rahoton ya ce in gwaji ya ba da haka, a ci gaba yadda aka tsara. In ya faɗa tsakanin 700 da 1,250, a sayi ƙaramin inji, a ƙara awannin aiki da janareta. In bai kai 700 ba, a sa famfon hannu a bar wa unguwa, a riƙe sauran kuɗin. Sauran ukun su ne gurɓata daga masai, tunda kwari ne kuma gidaje sun kewaye shi, sai faɗuwar naira, sai satar farantai.

Janairu zuwa Afrilu 2024: aikin

An sa hannu a yarjejeniyar a gaban mai unguwa da liman. Fili na masallaci ne, kayan aiki na makaranta, mabuɗi biyu, famfo biyu na jama'a safe da yamma, kuma ba mai sayar da ruwan.

An matsar da wurin haƙa 'yan mitoci don ya ba masai mafi kusa tazarar mita 30. Aka haƙa a ƙarshen Fabrairu, aka tsaya a mita 48, aka toshe mitocin sama da siminti don kada ruwan kwata ya bi jikin bututu ya gangara. A Maris, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin ƙasa, aka yi hayar inji aka ja ruwa yini da kwana ana auna yadda yake sauka. A lita 1,250 a awa ruwan bai daina sauka ba. A 900 ya tsaya wuri ɗaya.

Ba a kira taron gaggawa ba. Ma'aji ya buɗe shafin haɗurra, 900 tana cikin mataki na tsakiya, aka bi abin da aka rubuta. Awa shida na sola suna ba da 5,400, ƙarin awa biyu da rabi da janareta da yamma ya kai jimlar 7,650. An haɗa na'urar da ke kashe injin da kanta in ruwa ya yi ƙasa. Gwajin ɗakin bincike ya nuna ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, kaɗan amma akwai, don haka aka fara zuba kulorin a tankin makaranta bisa awo, aka kuma sanar da unguwa su riƙa tafasa na sha.

Jiran gwajin ya zo da tsadarsa. A Janairu da Fabrairun 2024 naira ta faɗi sosai, inji da farantai kuwa daga waje ake shigo da su. Ajiyar ta ƙare, aikin ya tashi miliyan 6 da dubu 400, iyaye suka cika dubu ɗari huɗun. Ruwa ya hau tanki a Afrilu, ana gab da damina, don haka ranin 2024 duk da kura aka yi shi.

Ranin 2025

Nan ne aka ga gaskiyar aikin. Daga Janairu zuwa Afrilu, littafin Hajiya ya nuna kwana 12 kawai aka sayi ruwa. Bakwai daga ciki bututu ne ya fashe, lokacin da wani maƙwabci ke haƙa kwata ya sare shi, don ba a binne shi da zurfi ba kuma ba alama a kai. Sauran biyar a cikin azumi ne, wanda ya faɗo a Maris: layin famfon jama'a ya ƙi ƙarewa da yamma, kuma ba wanda ya iya rufe famfo a gaban mai azumi. Ƙurar hunturu ta rage ƙarfin farantai har sai da aka sa maigadi ya riƙa wanke su duk mako. Ba a sace komai ba.

Hukunci

A ganina ba jadawalin maki ne ya yi aikin ba. Ratar 335 da 320 tana iya juyawa da ra'ayin mutum ɗaya, kuma ta juya. Amfanin makin shi ne ya tono inda shawarar take da rauni, har aka rufe wurin da yarjejeniya kafin injin haƙa ya iso. Abu na biyu shi ne iyakokin nan na 700 da 1,250, waɗanda aka yanka a Disamba, lokacin da ba wanda ransa ke ɓace. Da ba su, rijiyar lita 900 za a ɗora mata babban injin da aka riga aka saya, ta bi sawun ta bakin ƙofa. Dubu ɗari huɗun da jira ya jawo ba ta kai kuɗin injin da zai ƙone ba.

Rahoton yana da giɓi biyu na gaske. Ya auna buƙatar makaranta ta hanya biyu, amma lita 2,000 ta unguwa kintace ce, ba wanda ya ƙirga gidajen da za su zo ɗiba, balle ya duba cewa azumi na shekarun nan a tsakiyar rani yake. Sannan bututun mita 350 da ya ratsa ƙofar gidajen mutane an sa shi a lissafin kuɗi, ba a sa shi a jerin haɗurra ba, alhali shi ya ci fiye da rabin kwanakin da aka rasa ruwa. Akwai kuma 'yan ga-ruwan da suka rasa cinikin kura 22 a rana, waɗanda sunansu bai fito a ko shafi ɗaya ba, ga shi kuwa su aka nema a kwanaki goma sha biyun nan.

Bayan sallah kwamitin ya sake zama. An amince a sake binne bututun da zurfi a kafa masa alamu, a ƙirga gidajen da ke ɗiba, a kuma nemi farashin ƙarin tanki a kwari wanda zai tara rabon unguwa dabam da na makaranta.